Shida ko sittin? Fashin baƙi ga sababbin likitoci kan rubuta takardar magani

Ina cikin shekarata ta farko ta sanin makamar aiki, wajen ƙarfe biyu na dare, wata nas da ta girme ni nesa ba kusa ba ta same ni ina gyangyaɗi a kan tebur. Ta ajiye katin maganin wani dattijo mai ciwon suga a gabana, ta ɗora yatsa a kan layin da na rubuta da yamma, ta ce, "Likita, don Allah karanta mini wannan. Shida ne ko sittin?" Na duba. Abin da na yi niyyar rubutawa shi ne `6U`, wato yunit shida na insulin. Amma da yake hannuna yana sauri, bakin harafin U ya kusa haɗewa ta sama, sai ya koma kamar sifiri. Ni da na rubuta sai da na ƙura ido kafin na ce shida ne. Ba ta yi mini faɗa ba. Biro kawai ta miƙo mini, ta ce in soke layin in sake rubutawa, ta tsaya a kaina har na gama.

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne, da ba ta tambaya ba, babu abin da zai tsayar da ita. Insulin ɗin da aka fi amfani da shi yana da yunit 100 a kowace mililita, kuma sirinjin insulin na mililita ɗaya yana ɗaukar yunit 60 ba tare da wata wahala ba. Akwai ma majinyatan da ke karɓar adadi mai yawa haka da gaske. Allurar za ta shiga, dattijon ya koma barci, sugansa ya faɗi yana kwance. Zufa da rawar jiki da ruɗewar da ke nuna faɗuwar suga ba lallai ne wani ya gan su da tsakar dare ba, sai dai da asuba a tarar ba ya farkawa.

Tun daga ranar na daina ɗaukar takardar magani a matsayin abin tunatar da kaina. Saƙo ne zuwa ga mutumin da bai ga majinyacin tare da kai ba, bai san abin da ke ranka ba, wataƙila ya gaji, hasken ɗakin kuma ba shi da ƙarfi, kai kuma ka riga ka tafi gida. Ma'aunin kyawun rubutunka ɗaya ne: shin za a iya karanta layin nan ta hanya biyu? In dai za a iya, to wata rana za a karanta shi ta hanyar da ba ka nufa ba.

Kuskuren ninki goma

Yawancin munanan kurakuran adadi ba na ƙarin kaɗan ba ne. Ninki goma ne, ko ɗari, ko dubu, domin daga sifiri da ɗigo da harafin ma'auni suke fitowa. Shi ya sa a 2004 hukumar tantance asibitoci ta Amurka, Joint Commission, ta fitar da gajeren jerin gajerce-gajercen da ta haramta rubutawa, kuma `U` da `IU` ne a kan gaba. Na farkon yana rikiɗewa ya zama sifiri ko 4. Na biyun ya fi muni, don `4IU` yana iya fitowa kamar 410, ko a karanta `IU` a matsayin `IV` a ɗauka cewa ta jijiya ake nufi. Maganin abin ba shi da wuya. A rubuta kalmar gaba ɗayanta, `units`, a bar fili tsakaninta da lambar. Wannan ya shafi insulin, ya shafi hefarin, ya shafi duk maganin da ake aunawa da yunit.

Sai ɗigo. Ɗigo shi ne abu mafi rauni a kan takarda: layin katin yana iya haɗiye shi, tawada tana iya ƙin fita, kwafi yana iya goge shi. Don haka dokokinsa biyu ne, kuma suna kama da masu karo da juna har sai ka gane dalilinsu. Kada ka bar ɗigo tsirara a gaban lamba, kuma kada ka ƙara sifiri a bayan ɗigo.

```
.5 mg    ->  0.5 mg
1.0 mg   ->  1 mg
```

Idan ka rubuta `.5 mg` ɗigon ya ɓace, ya zama 5. Sifirin da ka sa a gaba shi ne mai gadin ɗigon, yana gaya wa mai karatu cewa akwai wani abu a nan. Idan kuwa ka rubuta `1.0 mg` ɗigon ya ɓace, ya zama 10. A nan sifirin ba ya gadin komai, tarko ne kawai. Ɗalibai suna son rubuta shi don yana sa lamba ta yi kama da ta masana, kamar a sakamakon gwajin jini. A takardar magani ba shi da gurbi.

Akwai wani abu da ya kamata ka lura da shi, wanda ba a cika faɗa ba. Haɗarin ɓatan ɗigo ba ɗaya ba ne a kowane magani. Idan aka karanta miligiram 0.25 na digozin a matsayin 25, sai an ƙirgo ƙwaya ɗari, kuma babu nas mai hankali da za ta yi haka ba ta tsaya ba. Amma wafarin miligiram 1 da ya koma 10 ƙwaya biyu ce kacal ta miligiram 5. Mofin miligiram 0.5 da ya koma 5 duk daga 'yar kwalbar allura ɗaya ta miligiram 10 za a zuƙo shi, kuma 5 adadi ne da ido ya saba gani ga manya. Inda adadin kuskure ya yi kama da adadin da aka saba, nan ne kuskure yake wucewa ba a tare shi ba. Wannan ne ya sa ɗakin yara da jarirai ya fi ko'ina haɗari: ninki goma na adadin jariri sau da yawa bai wuce adadin babba ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka kauce wa ɗigon baki ɗaya in da hali. Abin da bai kai giram ɗaya ba, rubuta shi da miligiram: `500 mg`, ba `0.5 g` ba. Abin da bai kai miligiram ɗaya ba, rubuta shi da maikirogiram: digozin `125 micrograms`, ba `0.125 mg` ba. Kuma ka rubuta kalmar cikakkiya. Alamar `µg` da hannu tana komawa `mg` cikin sauƙi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ninki dubu ce. Wasu asibitocin sun yarda da `mcg`, amma ni ban ga abin da daƙiƙa biyun da za ka rage za su ƙara maka ba.

Fili ma yana da aikinsa. Rubuta `propranolol40mg` a manne, harafin ƙarshe na sunan zai tsaya kamar lamba 1, a karanta 140. Haka `cc` da tsofaffin malamanmu suka saba da shi yana iya fitowa kamar sifiri biyu. A rubuta `mL`.

Sau nawa, kuma yaushe

Gajerce-gajercen Latin na lokutan shan magani sun daɗe a aikin likita, kuma ba duka ne ke da matsala ba. Matsalar tana ga waɗanda harafi ɗaya ko ɗigo ɗaya ke raba su. `QD` na nufin sau ɗaya a rana, `QID` sau huɗu, `QOD` kuma rana ɗaya a tsallake ɗaya. In ka rubuta `q.d.` da ɗigo a tsakiya, ɗigon ya ɗan yi tsawo, ya zama `qid`, majinyaci ya sha ninki huɗu. `OD` kuwa a wajen wasu sau ɗaya ne a rana, a wajen likitan ido idon dama ne. Likitoci suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, nas-nas ma haka, kowa da abin da aka koya masa a makaranta. Rubuta `once daily` ya wadatar. Ga maganin da tazarar lokaci ke da muhimmanci, kamar maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, `every 8 hours` ya fi `tds`, domin sau uku a rana a ɗakin kwanciya yana iya zama safe da rana da yamma, a bar dogon dare babu komai.

Wanda ya fi ba ni tsoro a wannan babi shi ne metotirezet. Ga masu amosanin gaɓoɓi da wasu cututtukan fata, sau ɗaya a mako ake shan sa. Kusan duk sauran magungunan da ke kan katin kullum ake sha, don haka hannu da ido duk sun saba da kullum. An kwantar da majinyaci, sabon likita ya kwafe magungunan gida zuwa katin asibiti, ya sa metotirezet a layin kullum tare da sauran. Ranar farko babu abin da ya faru, ta biyu ma haka. Bayan kwanaki sai gyambon baki, ciwon maƙogwaro, gudawa, zazzaɓi, gwajin jini ya nuna ɓargo ya daina samar da ƙwayoyin jini yadda ya kamata. Mutane sun mutu ta wannan hanya. Kada ka rubuta `1/7` ko `1/52` ga wannan magani, don waɗannan alamomi kowa da yadda yake fassara su. Rubuta sau ɗaya a mako da kalmomi, ka ambaci sunan ranar a cike, sannan a katin ɗakin kwanciya ka ja layi ka soke akwatunan sauran kwanaki shida don kada wani ya sami wurin sa hannu. Masana tsaron magani ma suna ba da shawarar a kauce wa Litinin, domin `Mon` yana iya zama `morning` a idon mai sauri.

Sunan maganin kansa ba zan daɗe a kansa ba, don hukuncinsa gajere ne: a rubuta sunan asali, ba na kamfani ba sai inda akwai dalili, a cike, da manyan baƙaƙe in hannunka ba shi da kyau. `MS` na iya zama mofin, yana iya zama maganiziyam salfet, kuma a ɗakin haihuwa duka biyun suna cikin kabad. `AZT` zidobudin ne ga mai kula da masu cutar ƙanjamau, amma an sha ɗaukar sa a matsayin azatayofirin. Gajercen da kowa ya sani a sashenku baƙo ne ga famasis ɗin da ya fara aiki jiya.

Yaro mai kilo 12

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, don a nan ne duk abubuwan ke haɗuwa. Yaro ne ɗan shekara biyu, yana tari da saurin numfashi da zazzaɓi. Ka duba shi, ka gamsu cewa ciwon huhu ne wanda za a iya yi wa magani a gida. An ɗora shi a sikeli, kilo 12. Ka yanke shawarar ba shi amozisilin da farasitamol. Ga yadda ake yawan rubutawa a cikin gaggawa:

```
Amox susp 80mg/kg bd 5/7
Syr PCM 7.5mls PRN
```

Likitan da ya rubuta wannan ya san abin da yake nufi, kuma lissafinsa daidai ne. Amma duba layin farko. Miligiram 80 a kowane kilo, a rana ne ko a kowane sha? Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar miligiram 40 a kowane kilo a kowane sha, sau biyu a rana, wato jimilla 80 a rana. Likitan jimillar rana yake nufi. Mai karantawa kuwa yana iya ninka 80 da 12, ya sami 960, ya bayar sau biyu. Ga shi kuma ba a rubuta nauyin yaron ba, an bar wa wani lissafin da kai ya kamata ka yi. Wannan ruɗani tsakanin adadin rana da adadin sha ɗaya yana cikin kurakuran da aka fi yi wa yara, kuma tun daga littafin da ka duba yake farawa, don wasu littattafan da na rana suke bayarwa, wasu da na sha ɗaya. Karanta kan jadawalin kafin ka ɗauki lambar.

Lissafin daidai shi ne 40 sau 12, miligiram 480. Ba za ka sa uwa ta auna 480 ba, sai ka daidaita zuwa 500, wanda ƙarin bai taka kara ya karya ba ga wannan magani. (Ga digozin ko jentamaisin ba a yin wannan sakin hannu.) In ruwan maganin mai miligiram 250 ne a mililita 5, to mililita 10 ke nan a kowane sha. In mai 125 ne, mililita 20.

Layi na biyu ya fi haɗari, duk da ya fi kama da mara laifi. Adadin farasitamol ga yaro miligiram 15 ne a kowane kilo, wato 180 ga wannan yaro. Likitan ya yi lissafi da kwalba mai miligiram 120 a mililita 5, ya sami mililita 7.5, daidai. Amma bai rubuta ƙarfin kwalbar ba, kuma akwai wata mai miligiram 250 a mililita 5 da aka yi don manyan yara. In ita aka bayar, mililita 7.5 ta zama miligiram 375, fiye da ninki biyu. Sau huɗu a rana, miligiram 1,500 ke nan, wato 125 a kowane kilo, alhali 60 aka nufa. Sannan `PRN` shi kaɗai bai gaya wa kowa tazara ba, bai sa iyaka ba. Uwar da ɗanta ke zafi kamar garwashi za ta sake ba shi bayan awa biyu, kuma ba laifinta ba ne. Yaron da ba ya cin abinci sosai, ana ɗura masa wannan adadi kwana uku, hantarsa tana cikin haɗari. Muguntar abin ita ce alamun farko amai ne da kasala, waɗanda kowa zai jingina wa ciwon da ya kawo shi.

Mililita ba adadin magani ba ce, adadin ruwa ce. Adadin magani miligiram ne. Saboda haka a rubuta miligiram tukuna, sannan ƙarfin kwalbar, sannan mililitar da ta fito daga su biyun:

```
Weight 12 kg. No known drug allergy.
AMOXICILLIN suspension 250 mg/5 mL
500 mg (10 mL) by mouth twice daily for 5 days
(40 mg/kg/dose)
PARACETAMOL suspension 120 mg/5 mL
180 mg (7.5 mL) by mouth every 6 hours if needed for fever
Maximum 4 doses in 24 hours (15 mg/kg/dose)
```

Ya fi tsawo, gaskiya ne. Amma lura da abin da tsawon ya saya maka. Nauyi yana nan, adadin kowane kilo yana nan, sakamakon yana nan. Famasis zai iya ninka 15 da 12 a kansa ya ga ko ya yi daidai da 180. In ka yi kuskure, takardar da kanta za ta tona shi, domin lambobin ba za su yarda da juna ba. In kuma kwalbar da ke hannunsa ba mai 120 ba ce, ya san miligiram 180 ake so, zai gyara mililitar. Rubutun farko bai ba kowa damar kama kuskure ba.

Nauyin kansa yana da tarkonsa. A auna, kada a ƙiyasta da ido, a kuma rubuta `kg` a gefensa, don sikelin da ke nuna laba zai ba yaron nan kusan 26, kuma duk lissafin da ya biyo baya zai ninku. Sannan lissafin kilo yana da rufi: matashi mai kilo 80 in ka ninka masa 15 za ka sami miligiram 1,200, wanda ya wuce giram ɗaya da ake ba babba. Duk lokacin da adadin yaro ya kai ko ya zarce na babba, ka tsaya.

Kafin su tafi, nuna wa uwar layin 7.5 a jikin sirinjin baki, ka ce ta nuna maka ita ma. Cokalin gida ba ma'auni ba ne. Ka tambaye ta ko tana ba shi wani maganin mura, don da yawansu akwai farasitamol a ciki.

Gyara, kwamfuta, da kiran waya

In za ka canza adadi, kada ka bi ta kan tsohuwar lamba da biro kana mai da 2 ta zama 4. Ja layi ɗaya a kan rubutun yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, sa hannu da kwanan wata, ka buɗe sabon layi. Lambar da aka yi wa kwaskwarima lambobi biyu ne a wuri ɗaya.

Masu aiki da kwamfuta kada su ɗauka sun tsira. Ta kawar da mummunan rubutun hannu, amma ta kawo nata: ka danna maganin da ke saman wanda kake so a jeri, ko ka bar `daily` da na'urar ta cika da kanta a kan maganin mako-mako, ko ka rubuta wa majinyacin da shafinsa ke buɗe maimakon wanda ke gabanka. Kuma takardar tana fitowa tsaf-tsaf, babu abin da zai sa nas ta yi shakka. Karanta layin ƙarshe kamar wani ne ya rubuta kafin ka tura.

Gwajin da nake koya wa waɗanda ke aiki a ƙarƙashina shi ne su mai da adadin zuwa abin da hannu zai ɗauka. Ƙwaya nawa ke nan? Kwalbar allura nawa za a fasa? In amsar ta wuce ƙwaya uku ko huɗu, ko kwalba biyu zuwa uku don sha ɗaya, ko kuma ta zama ɗan ɗigon da sirinji ba zai iya aunawa ba, koma kan lissafin. Wani lokaci daidai ne, amma sau da yawa sifiri ne ya ɓace ko ya ƙaru.

Idan nas ko famasis suka kira ka suna tambayar abin da ka rubuta, yadda ka amsa shi zai yanke ko za su sake kira. Na ga sababbin likitoci suna cewa, "Ai a rubuce yake, ki bayar kawai." Wadda aka yi wa haka sau biyu, a karo na uku za ta yi hasashe ne, ba za ta ɗaga waya ba. In dole ta sa ka ba da umarni ta waya, faɗi lambar ɗaya bayan ɗaya, "sha biyar, wato ɗaya da biyar," domin a Turanci 15 da 50 kusan sautinsu ɗaya ne a waya. Ka ce ta maimaita maka sunan majinyacin da maganin da adadin da hanyar bayarwa, sannan ka je ka rubuta a katin da hannunka kafin ka bar aiki.